Wanke-wanken dare ya hana gidana zaman lafiya, yaya kuke raba wa yara aiki?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin hawan jini ya kama ni. Yarana biyar: Ummi shekara 14, Abba 12, Walida 10, Khalifa 8, sai Auta mai shekara 5. Na yi jadawali a kwali na manna a ƙofar kicin, Litinin zuwa Lahadi, kowace rana da sunan mai wanke-wanke, mai shara, mai ɗibar ruwa da mai zuwa aike. Sati biyu aka yi ana bi, yanzu kullum sai an yi shari'a. Abba ya ce ana cutarsa, Khalifa ya iya ɓacewa daidai lokacin aiki, ƙarshenta Ummi ce ke kwashe komai don ta gaji da jin faɗana. Jiya na tarar da tukunyar tuwon shekaranjiya a bayan randa an zuba mata ruwa wai tana jiƙa. Me kuke yi a gidajenku?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Maman Ummi, kafin a zagi Abba, ƙirga min. Yara huɗu ne ke cikin juyin, kwana kuma bakwai. Idan kin jera su Ummi, Abba, Walida, Khalifa daga Litinin, ranar Juma'a layi ya dawo kan Ummi, Asabar Abba, Lahadi Walida. Litinin ta zagayo an sake farawa daga Ummi. Kin ga uku suna wanke-wanke sau biyu a sati, Khalifa sau ɗaya. Kuma Abba ne kullum ke da Asabar, ranar da kowa na gida ana cin abinci sau uku. Yaron yana da gaskiya, bakwai ba ta rabuwa huɗu.

Maman Ummi: Ikon Allah! Wallahi haka yake, Asabar tasa ce kullum. Ni ban taɓa lura ba.

Baban Sadik: Maganin shi ne ki daina ɗaure juyin da ranakun sati. Layi ya yi ta tafiya kawai, inda aka tsaya Lahadi daga nan a ɗora Litinin. Bayan kwana 28 kowa ya yi wanke-wanke sau bakwai, kuma kowa ya ɗanɗani kowace rana sau ɗaya. Ki sami kalanda irin ta bango ki rubuta harafin farko na sunan kowa a cikin akwatin kwanan wata. Shi ke nan an gama.

Anti Matiron: Malam, lissafinka daidai ne, amma ba a gama ba. Na yi shekaru ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makarantar kwana, kuma ni ma na fara da juyin kullum kamar yadda ka ce. A takarda adalci ne. A aikace shi ke haifar da wannan tukunyar da aka ɓoye a bayan randa. Yaron da ya san gobe ba shi ne da aiki ba, me zai sa ya kankare ƙanzo? Sai ya zuba ruwa ya ce tana jiƙa, gari ya waye ta zama ta wani. Na gobe kuma ya ce ba a ranarsa aka ɓata ta ba. Kullum sai an miƙa aiki, kullum sai an yi gardamar wa ya bar me. Miƙa aiki sau bakwai a sati shari'a bakwai ce.

Ki mayar da shi juyin sati. Wanda ke da wanke-wanke ya riƙe shi kwana bakwai cur. In ya bar tukunya daren Talata, shi zai tarar da ita ranar Laraba, babu wanda zai ɗora wa. Kuma matsalar Asabar ta kau da kanta, tunda kowa na da Asabar ɗaya a cikin satinsa. Yara huɗu, ayyuka huɗu, sati huɗu an zagayo.

Baban Sadik: To amma Anti, sati guda yaro ɗan shekara 8 yana wanke-wanke safe da dare? Ai zai tsani rayuwarsa. Juyin kullum ya fi sauƙin haɗiya.

Anti Matiron: Nan kam ka taɓo ainihin ciwon. Ba za a ba shi wanke-wanke duka ba, domin ayyukan nan huɗu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda aka ce ya je shago ya sayo magi da wanda aka ce ya wanke kwanukan mutum bakwai, duk an kira su "aiki ɗaya", ai dole a yi rigima. Maman Ummi, ki yi min abu ɗaya. Kwana biyu ki duba agogo, ki ga minti nawa kowane aiki ke ci a hannun yaro, ba a hannunki ba. Ki dawo mana da shi.

Amaryar Dorayi: Ni dai a gidanmu kwana bibbiyu muke yi. Ranar girkina 'ya'yan uwargida ba sa ko ɗauke tsinke, ni ce shara ni ce wanke-wanke, amma ranar nata sai ka ga an fito kamar ana gayya. Na yi wa maigida magana ya ce in yi haƙuri. Yaya zan yi?

Hajiya Babba: Amarya, naki daban ne, wannan ita kaɗai ce a gidanta, 'ya'yanta take tambaya. Amma tunda kin kawo, kuskuren gidanku shi ne an bar aikin yara yana bin girkin iyaye. Tsakar gida ta kowa ce, ko girkin wa ne a ciki ake taka ta. Maigidan ne ya kamata ya tsaya ya raba, ba ke ba, in kika raba da bakinki an ce kin sa 'ya'yan wata bauta.

Ni kuma abin da ke ba ni mamaki a zancen nan, wai har Abba da Khalifa ake sa wa wanke-wanke alhali ga mata biyu a gida. Mu da muka tashi, namiji ruwa ne nasa da itace da kiwo da aike. Kowa ya san nasa, babu kwali babu kalanda, kuma ba a yi faɗa ba.

Maman Ummi: Hajiya, Allah ya ƙara girma. A lokacinku akwai itacen da za a faso da awakin da za a kora. Ni gas nake amfani da shi, dabbobina kaji shida ne. In na ce maza su yi na maza, to Abba zai cika randa cikin rabin awa ya tafi ƙwallo, Ummi kuma tana tsugune har bayan isha'i ga karatun jarrabawa.

Malam na Islamiyya: Hajiyarmu, a yi min afuwa in sa baki. A Sahihul Bukhari an tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Don haka babu abin kunya ga ɗa namiji ya wanke kwano. Abin da zan roƙa kawai, a matsayina na mai karɓar yaran nan da yamma: kada a sa aikin da zai ci lokacin tafiya islamiyya. Rabin masu makara in ka tambaya sai su ce an aike su markaɗe.

Hajiya Babba: Malam, ban musa hadisi ba. Amma ku je ku gani, ranar da ƙannen uban suka zo suka tarar da shi a gaban baho, uwar ce za ta sha magana. Na faɗi nawa.

Maman Ummi: Anti Matiron, na dawo da awo. Kwanukan karin kumallo da na rana, waɗanda ake wankewa bayan an dawo boko, minti 20. Na dare, da tukwane, minti 35. Sharar tsakar gida da falo da kai bola minti 25. Cika randa da butoci da bokitan banɗaki daga rijiyar maƙota minti 30. Aike, wato markaɗe da shago, kamar minti 15 in ba a tarar da layi ba. Na ji kunya da na haɗa, ashe mai wanke-wanke yana yin minti 55, mai aike 15.

Anti Matiron: Yauwa, kin ga inda gizo ke saƙa. Duka minti 125 ne, in an raba huɗu kowa ya tashi da talatin da 'yan kai. To ki fasa wanke-wanken gida biyu. Na dare shi kaɗai kaso guda ne, minti 35. Na rana ki haɗa shi da aike, shi ma 35. Ruwa ya tsaya yadda yake, 30. Mai shara tunda nasa 25 ne, ki ƙara masa kajin nan naki, dusa da ruwan sha, ya kai wajen 30. Ba sai sun yi daidai kamar an auna a sikeli ba. Abin da ake so shi ne kada a sami kason da kowa ke addu'ar kada ya faɗo masa, da wanda kowa ke jira kamar salla.

Sai ki yi faifai maimakon jadawali. Ki sami kwalin katan, ki kifa murfin babbar tukunya ki zana ki yanke, ki kifa ƙaramin faranti ki yanke wani. Kowanne ki ja masa layi biyu a gicciye ya rabu huɗu. A bakin babban ki rubuta ayyukan, ki kuma zana hotonsu, tsintsiya, bokiti, tukunya, kwano, saboda Khalifa ya gane ba sai ya tsaya haɗa baƙi ba. A ƙaramin ki rubuta sunayen. Ki ɗora ƙaramin a kan babban, ki soka ƙusa a tsakiya ki kafe a bango. Duk sati a juya ƙaramin gida ɗaya, kullum ta ɓangare guda, ki zana kibiya don kada a yi musu. Kuma ki jera kason yadda masu nauyin nan biyu ba za su maƙwabci juna ba: na dare, sai shara, sai na rana da aike, sai ruwa. Wanda ya fito daga tukwane ya faɗa kan tsintsiya ya huta.

Ɗan Maraɗi: Mu nan wajenmu ruwa shi ne babban aiki, ba wanke-wanke ba. Bido guda na lita 25, kilo 25 ke nan ban da nauyin robar. Yaro ɗan shekara 8 in ka auna shi kansa bai wuce hakan da yawa ba. Kar a ce don faifai ya nuna sunansa a ɗora masa. Ni nawa ƙanana butoci suke cikawa kafin su tafi lakwal, manya su turo amalanke.

Anti Matiron: Gaskiyarka. Sunan aikin ba ya canzawa, girmansa ne ke bin mai yi. Satin da ruwa ya faɗo wa Khalifa, nasa butoci ne da bokitan banɗaki da ƙaramin bokiti, randar kuma a sayi jarka biyu wajen mai garuwa ko Abba ya cika a rage masa wani abu. Kuma ba shi zai ja guga a bakin rijiya ba, babba ya ja ya zuba masa. Satin da na dare ya faɗo masa, ya wanke kwanuka da kofuna da cokula, tukunyar tuwo da wuƙa na uwa ne. Amma kada a tsallake shi gaba ɗaya don ƙarami ne. Ranar da kika tsallake shi sau ɗaya, manyan sun sami hujja har abada.

Auta kuwa kada ki sa shi a faifai, zai lalata miki lissafin huɗu-huɗu. Ki ba shi abu ɗaya tsayayye wanda ba ya juyawa, kamar jera takalma a bakin ƙofa ko kwaso kwanuka ya kai wa mai wanke-wanke.

Maman Biyu: Ni yarana biyu ne kawai kuma juyin kullum muke yi, lafiya lau. Yau wannan gobe wancan. Wanda ya yi Asabar ɗin nan ba shi zai yi ta gaba ba. Ni ban ga abin wahalar da kai da yanke kwali ba.

Baban Sadik: Naki ya yi ne don bakwai mara ce, sai ranakun su riƙa musanya da kansu. Da yaranki bakwai ne da kowa ya maƙale a rana guda har ya yi aure.

Maman Biyu: Allah ya kiyaye, biyun ma ya na ƙare.

Baban Sadik: Anti, na sallama miki juyin sati, amma ga wani tarko a ciki. Mu a Kano Asabar ɗin ƙarshen wata ake tsaftar muhalli, a fito a yashe kwata. In an ce mai shara ne zai yi, ki duba: tsakanin Asabar ɗin ƙarshen wata da ta wata mai zuwa yawanci sati huɗu ne, faifanki ma sati huɗu yake zagayowa. Sai ya zama yaro ɗaya ne ke shiga kwata wata biyu ko uku a jere, sai an sami wata mai tazarar sati biyar sannan ta matsa kan na gaba.

Anti Matiron: Wannan ban taɓa hango shi ba, na gode. To a cire duk aikin wata-wata daga faifai. Kwata, yanar gizo-gizo, wankin randa, a yi su gayya har da uban gidan. Wankin masai ma ni ba na sa wa ƙasa da shekara 12, kuma ko babba ne a gaya masa kada ya haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum.

Maman Ummi: Wace rana ya kamata a juya? Ni na ce Litinin.

Anti Matiron: Kada ki yi Litinin, safiyar neman safa da kuɗin tara ce, babu mai lokacin duba komai. Ki zaɓi Juma'a bayan la'asar in islamiyyarsu tana hutun Alhamis da Juma'a kamar yawancinsu. Domin juya kwalin ba shi ne aikin ba, miƙawar ce. Mai fita ya kama hannun mai shiga su zagaya tare. Mai karɓar wanke-wanke ya leƙa bayan randa da ƙarƙashin murhu da ɗakin maigida inda kofuna ke kwana. Mai karɓar shara ya duba an zubar da kwandon. In ya ga saura, yana da ikon ya ce bai karɓa ba, sai mai fita ya gama. In ya ce ya karɓa, to bakinsa alaikum, duk abin da aka gano daga baya nasa ne. Za ki sha mamakin yadda Walida za ta zama sufeto. Ke kuma kin fita daga alƙalanci, sai dai ki zauna ki sha kallo.

Musanya kuma ban hana ba, amma a gabanki, kuma na rana ɗaya. Na sha ganin babba ta sayi satin ƙarama da alewa biyu.

'Yar Riƙo: Ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Ni a hannun gwaggona na tashi. Akwai jadawali a gidan, da sunana da na 'ya'yanta, kyakkyawa a bango. Amma duk wanda ya ce kansa na ciwo ko yana da aikin makaranta, sai a ce wance tashi ki yi. Ba a taɓa biya na ba. Don Allah duk mai ɗan riƙo a gida, ko babbar 'ya mai saurin tashi irin Ummi, a san abin da za a yi in wani ya kasa, tun kafin ranar ta zo.

Anti Matiron: Allah ya saka miki. A wajena doka biyu ce. Rashin lafiya ta gaske ba bashi ba ce, uwa ta ɗauka ko a raba wa kowa. Amma wanda ya ɓace don ƙwallo ko ya yi barcin ƙarya, aikin ya jira shi. Maman Ummi, a nan ke ce za ki sha wuya, domin dole ki iya kallon tsakar gida da datti har Khalifa ya dawo, ba ki ce Ummi ɗan share ba. In wani ya yi masa, ya biya da rana guda daga nasa satin, a rubuta.

Baban Sadik: Ni ina ba nawa ɗan abu duk Juma'a in sun cika satinsu. Yana aiki.

Hajiya Babba: Wato yaro ya share gidan ubansa a biya shi lada? Gobe in ka ce ya miƙo maka buta sai ya ce nawa ne.

Baban Sadik: Hajiya, ba lada ba ne, tukuici ne.

Hajiya Babba: Duk kanwar ja ce.

Maman Ummi: 'Yan uwa, na dawo bayan sati uku. Tukunya ta daina kwana, wannan kam alhamdu lillahi. Juma'ar farko Walida ta ƙi karɓa daga hannun Abba har sau biyu saboda ludayi ɗaya, ya yi ta ƙunƙuni amma ya wanke. Sai dai a sati na biyu mun wayi gari ranar Talata faifai ya juya da kansa, sunan Khalifa ya bar bokiti ya koma kan tukunya, wai shi ya fi son wasa da kumfa, kowa kuma ya rantse ba shi ba ne. Yanzu na mayar da ƙusar sama inda sai an taka kujera, kuma duk Juma'a ina rubuta wanda ke da na dare a kalanda, daga shi ana iya gane na sauran.

Abin da ya rage min biyu ne. Satin nan aike ya faɗo wa Ummi, babansu ya ce shi bai yarda budurwa ta riƙa zuwa injin markaɗe ba, samari sun yi yawa a wajen. In na cire mata aike kasonta ya koma minti 20, Abba kuma ya riga ya fara ƙirga. Na biyu, azumi in ya zo babu kwanukan rana, sai tulin na buɗa-baki da na sahur, duk awon da na yi ya rushe.

Anti Matiron: Na azumi mai sauƙi ne, ki sake awo ki yi sabon babban kwali na wata ɗaya, na buɗa-baki a ba mutum biyu. Na Ummi kuwa, satin da aike ya zo mata su yi musanya tsayayya da Abba: ya je markaɗe, ita ta ɗauki minti 15 daga duk abin da ke hannunsa a satin.

Baban Sadik: To ai Abba ya zama mai aike sati biyu cikin huɗu ke nan. Kuma nan da shekara biyu ko uku Walida ma za a ce ta girma.

Hajiya Babba: Kun gani ko? Kun zagaya kun zagaya kun dawo inda na ce, aike na maza ne.

Maman Ummi: Hajiya, aike na ba ki, amma wanke-wanken dare yana nan a faifai. Bari in je, yau Juma'a, ina jin muryar Khalifa yana cewa bai karɓa ba.